Abin da ke sa BitLocker ya nemi lamba 48 bayan an sauya kayan cikin kwamfuta

An sauya wa kwamfuta madabod, ko furosesa, ko katin hoto. An ɗaure komai, an kunna, sai ga shuɗin allo mai taken `BitLocker recovery` yana neman lamba 48 kafin Windows ta tashi. Faifan ajiyar nan shi ne na jiya, ba wanda ya taɓa fayil ko ɗaya a cikinsa, kuma mai kwamfutar yakan rantse bai taɓa kunna wani abu mai suna BitLocker ba, wato tsarin Windows na sirranta faifai don kada wani ya karanta shi ba mabuɗi. Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Kwamfutoci da dama suna sirranta faifansu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft a ranar farko, kuma tun fitowar Windows 11 sigar 24H2 a shekarar 2024 abin ya ƙara yaɗuwa, har a kan sigar Home. Shi ya sa mutum kan fara sanin faifansa a kulle yake a ranar da aka nemi mabuɗin a hannunsa.

Yawancin mutane suna ɗaukar allon nan tamkar maigadi a bakin ƙofa, wanda idan ka san hanya za ka lallashe shi ko ka zagaya ta baya. Wannan fahimtar ce ke sa a ɓata kwana ana neman wata manhaja da za ta tsallake shi. Ba abin da za a tsallake. A lokacin da allon ya fito, kwamfutar kanta ba ta da mabuɗin da za ta karanta faifan da shi. Ba hana ka take yi ba, ita ma nema take.

Kowane abu da ke ɓangaren `C:` an juya shi da lissafin AES kafin a rubuta shi a faifai, kuma mabuɗin da ake yin wannan juyi da shi sunansa FVEK. Shi wannan mabuɗi a kan faifan yake zaune, amma a kulle da wani mabuɗin mai suna VMK. Shi kuma VMK an ajiye kwafinsa fiye da ɗaya, kowane kwafi da abin da ke buɗe shi. A kwamfutar da ba a yi wa wani saiti na musamman ba, kwafi biyu ne: ɗaya TPM, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfutar, ke buɗe shi, ɗaya kuma lambobin nan 48, waɗanda su ne mabuɗin ceto. Duk wanda ya buɗu a cikin biyun, VMK ɗaya ne zai fito, ya buɗe FVEK, faifai ya karantu. Kullum da safe hanyar TPM ake bi ba tare da ka gani ba. Ranar da ta toshe, sai a juyo gare ka a nemi ta biyun.

To me ya sa Windows ba za ta tashi ko yaya ba, ta nemi mabuɗin daga baya? Domin ita kanta a cikin abin da aka kulle take. Akwai wani ɗan ƙaramin ɓangare a faifan da ba a sirranta shi, wanda BIOS ke fara karantawa, a can ne `bootmgfw.efi` yake, wato manhajar da ke jagorantar tashin kwamfuta. Aikinta shi ne ta ɗauko `winload.efi` daga `C:\Windows\System32` ta miƙa masa ragama. Amma `C:` a kulle yake. Idan ba ta samu VMK ba, ko sunan fayil ɗaya ba za ta iya karantawa ba, balle ta ɗauko shi. Shuɗin allon da kake gani ita ce ta zana shi, Windows ba ta ma farka ba tukuna. Wannan ne dalilin da ya sa kalmar sirrinka ta shiga Windows ko lambar PIN ɗinka ba sa aiki a nan: abin da zai tantance su yana can ciki a kulle.

Sai mu koma kan TPM, don a nan ne duk maganar take. Wani ɗan guntu ne na tsaro, wani lokaci a manne a jikin madabod, wani lokaci kuma a cikin kayan AMD ko na Intel yake gudana, na AMD ana kiran sa fTPM, na Intel kuma PTT. Windows 11 ta sharɗanta samun TPM 2.0, don haka kusan duk sabuwar kwamfuta tana da shi. Abu biyu yake yi wa BitLocker, kuma rarrabe su shi ne mafi amfanin abin da mai gyara zai sani, domin kowanne da irin matsalarsa da irin maganinsa.

Na farko, kowane TPM yana da wani tushen sirri nasa shi kaɗai da ba ya fita waje. Abin da aka kulle da wannan TPM, wani TPM ba zai buɗe shi ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su a rana ɗaya.

Na biyu, yana riƙe da tarihin yadda kwamfutar ta tashi. A cikinsa akwai gurabe 24 da ake kira PCR, daga 0 zuwa 23. Yayin da kwamfuta ke tashi, kowane mataki yana auna na gaba da shi kafin ya ba shi dama: a ɗauki manhajar, a matse ta da lissafi irin SHA-256 ta zama 'yar gajeriyar lamba wadda ke sauyawa gaba ɗaya ko harafi ɗaya aka taɓa, a tura wa TPM. Shi kuma ba ya goge abin da ke gurbin ya rubuta sabo. Haɗa tsohon da sabon yake yi, ya sake matsewa, sakamakon ya zama abin da ke gurbin. Saboda haka ba wanda zai iya rubuta lambar da yake so a PCR. Hanya ɗaya ce ta samun lambar jiya: a sake tashi da kaya iri ɗaya, a jere iri ɗaya. Gurbi na 0 yana ɗauke da awon manhajar BIOS. Na 2 yana ɗauke da awon ƙananan manhajojin da katunan da aka soka ke zuwa da su, irin na katin hoto. Na 4 na manhajar jagoran tashi ne. Na 7 yana riƙe da halin da Secure Boot, saitin BIOS da ke hana manhajar da ba a yarda da ita ba gudana a lokacin tashi, ke ciki, a kunne ko a kashe, da takardun shaidar da aka yarda da su. Na 11 kuwa na BitLocker ne shi kansa, yana sauya shi da zarar ya karɓi mabuɗi don kada wata manhaja ta zo daga baya ta sake roƙon TPM ya ba ta.

Ranar da aka kunna BitLocker, an ce wa TPM ne: kada ka saki wannan sirri sai idan gurabe kaza da kaza suna ɗauke da lambobin da suke ɗauke da su yanzu. Waɗanne gurabe? Idan Secure Boot yana aiki yadda ake so, 7 da 11 ne. Idan ba haka ba, sai a koma 0, 2, 4 da 11. Wannan bambancin ne ke bayyana abin da ke rikita mutane, inda biyu za su yi aiki iri ɗaya, ɗaya ya tashi lafiya, ɗaya ya ci karo da shuɗin allo. Mai 7 da 11 yakan sabunta BIOS ya wuce ba matsala, muddin saitin Secure Boot bai motsa ba. Mai 0, 2, 4 da 11 kuwa sabunta BIOS kaɗai ya isa ya sauya gurbi na 0.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce kwamfutar tebur ce mai furosesar Ryzen, tana amfani da fTPM, da katin hoto na daban. Kafin a taɓa komai, idan mai ita ya buɗe `Command Prompt` a matsayin mai gudanarwa ya rubuta wannan:

```
manage-bde -protectors -get C:
```

zai ga abu biyu. A ƙarƙashin `TPM` akwai layin `PCR Validation Profile`, a ƙarƙashin `Numerical Password` kuma akwai `ID` da lambobin 48 a fili. A irin wannan kwamfuta ba abin mamaki ba ne a ga 0, 2, 4, 11 ko da Secure Boot a kunne yake, domin manhajar da ke cikin katin hoto da wata takardar shaida daban aka sa mata hannu, ba wadda aka sa wa Windows ba, kuma BitLocker ba ya yarda ya dogara da gurbi na 7 idan irin wannan ta shiga awon. A `msinfo32` za a ga layin `PCR7 Configuration` yana cewa `Binding Not Possible`.

Ya cire tsohon katin hoto ya sa sabo. Da aka kunna, BIOS ya auna manhajar sabon katin ya tura gurbi na 2, lambar ta fito daban da ta jiya. Jagoran tashi ya roƙi TPM, TPM ya duba ya ga sharaɗi bai cika ba, ya ƙi saki. Ga shuɗin allo. A wannan hali ba abin da ya ɓace. TPM ɗin yana nan, tushen sirrinsa yana nan, awo ne kawai ya bambanta. Idan ya kashe kwamfutar ya mayar da tsohon katin a raminsa, awon jiya zai dawo, Windows ta tashi ba tare da an nemi komai ba. Daga nan sai ya kwafi lambobinsa 48, ya dakatar da kariya, sannan ya sake yin sauyin. Haka abin yake idan wani ya kashe Secure Boot, ko ya kunna `CSM`, saitin tashi irin na tsoffin kwamfutoci, ko batirin madabod ya mutu saitin BIOS ya koma na asali har TPM ya kashe kansa: a mayar da saitin yadda yake, ƙofa ta buɗe. Ƙarin RAM kuwa galibi ba ya jawo komai, tunda ba ya cikin abin da waɗannan gurabe ke aunawa.

Yanzu a ce furosesar ya sauya. A nan maganar ta bambanta. Bayanan fTPM a cikin ma'ajiyar BIOS suke zaune, amma a ɗaure da sirrin da ke cikin tsohuwar furosesar, sabuwar ba za ta iya karanta su ba. Madabod da yawa sukan tsaya da baƙin allo mai saƙon da ke farawa da `New CPU installed`, su ba ka zaɓi: danna `Y` a sake fTPM sabo, ko `N` a bar tsohon yadda yake. Wannan harafi ɗaya shi ne wuri mafi haɗari a duk aikin, kuma a nan ne nake ganin an fi yi wa mutane ɓarna, domin mai gyara yana sauri, ya saba danna `Y` a duk abin da ya tsaya masa a hanya. Idan aka danna `N`, ana iya mayar da tsohuwar furosesar a tashi lafiya. Idan aka danna `Y`, an share tsohon sirrin har abada. Ko an mayar da tsohuwar furosesar bayan haka, kwafin VMK da aka kulle da TPM ya zama abin da ba mai buɗe shi a duniya. Saura kwafi ɗaya, na lambobi 48. Daidai wannan ɓarnar `Clear TPM` ke yi a cikin BIOS, kuma abin takaici, shawara ce da ake yawan ba wanda ya maƙale a shuɗin allon.

Sauya madabod, ko ɗauke faifan a kai wata kwamfutar, yana tsakanin waɗannan biyun. Sabon TPM ba zai taɓa buɗe abin da tsohon ya kulle ba, duk saitin da aka gwada a BIOS ɓata lokaci ne. Amma idan tsohon madabod yana da sauran rai, ko na minti goma ne, ana iya mayar da faifan da furosesar da katin hoton a kansa, a tashi sau ɗaya a kwafi mabuɗin. Don haka kada a yar da tsohon madabod, kada a bari a tafi da shi, sai an ga Windows ta tashi a kan sabon. Idan kuwa ya ƙone ne gaba ɗaya, maganar ta koma kan neman lambobin.

Shuɗin allon yana nuna `Recovery key ID`, kuma haruffa takwas na farkonsa su ne za ka dubo, domin asusu ɗaya kan tara mabuɗai da yawa na kwamfutoci daban-daban, ko na kwamfuta ɗaya da aka sake wa Windows. Daga wayarka ko wata kwamfutar ka shiga `account.microsoft.com/devices/recoverykey`, ka nemi wanda `Key ID` ɗinsa ya yi daidai da na allon. Idan shafin ya fito wayam, kada ka yanke ƙauna tukuna. Mabuɗin yana zuwa asusun da aka fara shiga kwamfutar da shi ne, wanda zai iya zama na wanda ya saita maka ita, ko tsohon adireshin da ka manta kana da shi. Idan ka taɓa shiga da asusun wurin aiki ko na makaranta, mai yiwuwa mabuɗin yana can, a `aka.ms/aadrecoverykey` ko a hannun masu kula da kwamfutocin wurin. Wanda ya kunna BitLocker da hannunsa kuma an ba shi zaɓin bugawa a takarda ko ajiye fayil mai suna da ke farawa da `BitLocker Recovery Key`, sai ya bincika filashinsa da tsoffin takardunsa.

Lambobin rukuni takwas ne, kowanne lamba shida, kuma akwai wata dabara a cikinsu mai taimako. Kowane rukuni dole 11 ta raba shi ba saura. Ɗauki 471207: ka raba da 11, ka samu 42837 cif. Idan hannu ya kuskure aka rubuta 471270, rabawar za ta bar saura 8, nan take a san rukunin ba daidai ba ne. Saboda haka idan allon ya ƙi wani rukuni guda, kuskuren rubutu ne, a sake duba shi. Idan kuwa duk rukunan takwas sun shiga lafiya amma aka ce mabuɗin bai yi ba, to mabuɗi ne na gaske amma na wani faifan, a koma a gwada `ID`. Wannan lissafi kuma shi ke nuna girman abin da mai son yin kirdado zai fuskanta. Sakamakon rabawar kowane rukuni yana tsakanin 0 da 65535, wato zaɓi 65536, kuma rukuni takwas ne. Idan aka ninka 65536 da kanta sau takwas, lambar da za ta fito tana da tsawon alƙaluma 39. Na'urar da ke gwada tiriliyan guda a kowane sakan za ta buƙaci shekarun da sai an rubuta 1 da sifili 19 kafin ta gama. Shi ya sa Microsoft ba ta iya ƙirƙiro maka mabuɗin da ba a ajiye ba, kuma duk wanda ya ce yana da manhajar fasa shi, kuɗinka kawai yake so. Idan tsohon TPM ya tafi kuma lambobin ba su samu ba, abin da ya rage shi ne a share faifan a sa sabuwar Windows, fayilolin sun tafi. Ban ga dalilin gaggawa zuwa wannan mataki ba: a cire faifan a ajiye shi gefe, a sa wani a ci gaba da aiki, domin mabuɗi kan ɓullo bayan wata guda a asusun da ba a tuna da shi ba.

Duk wannan wahala kuwa layi ɗaya ke kawar da ita idan an yi shi kafin a kwance kwamfutar:

```
manage-bde -protectors -disable C: -RebootCount 0
```

Wannan ba ya warware sirrin faifan, wanda kan ci awanni. Abin da yake yi shi ne ya ajiye wani mabuɗi a fili a kan faifan, wanda ke buɗe VMK ba tare da TPM ba, don haka a cikin sakan ɗaya yake gamawa. Sifilin da ke ƙarshe yana da muhimmanci. Idan ba a sa shi ba, kariyar takan dawo da kanta bayan tashi ɗaya, alhali sauya madabod ko sabunta BIOS kan sa kwamfuta ta tashi sau da yawa kafin ta daidaita. Da sifili, za ta jira har sai ka mayar da ita da kanka. Sai dai a sani, muddin tana dakace, duk wanda faifan ya shiga hannunsa zai karanta komai. Idan a gabanka za a yi aikin, ba damuwa. Idan kuwa barin kwamfutar za ka yi a hannun wani na kwanaki, gara ka bar kariyar a kunne, ka riƙe lambobinka 48 a takarda, ka zo ka shigar da su da hannunka.

Bayan an gama aiki kuma Windows ta tashi, sai a mayar:

```
manage-bde -protectors -enable C:
```

A wannan lokacin ne BitLocker ke share mabuɗin da ya ajiye a fili, ya sake ɗaure sirrin da awon sabbin kayan. Wanda ya shiga da lambobi 48 kuma ya ga ana sake neman su a duk tashi, shi ma maganinsa ke nan: ya dakatar, ya mayar, don a ɗauki sabon awo. Idan abin ya ci gaba, musamman bayan sauya madabod, sai a cire tsohon ɗaurin TPM ɗin gaba ɗaya a yi sabo:

```
manage-bde -protectors -delete C: -Type TPM
manage-bde -protectors -add C: -TPM
```

Kafin a yi haka a duba `tpm.msc` a tabbatar sabon TPM ɗin a kunne yake kuma a shirye, domin sababbin madabod wani lokaci sukan zo da fTPM ko PTT a kashe a BIOS. Lambar PIN ta shiga Windows ita ma da tsohon TPM aka ɗaure ta, don haka bayan an wuce shuɗin allon za a iya tarar da ta daina aiki, a nemi kalmar sirrin asusun kafin a saita sabuwa. Yana da kyau a tabbatar ana tune da wannan kalmar tun kafin a kwance madabod ɗin.